Talla, littafin sayarwa ko kuɗin wata: wanne ya fi ciyar da ƙaramin shafi?

Nafisa: Assalamu alaikum. Wani ya ce shafin da masu karatunsa ba su kai dubu goma a wata ba, saka masa talla ɓata lokaci ne, gara a sayar da littafin PDF ko a buɗe rukuni na biyan kuɗin wata. Mu ɗauki shafin Hausa na kiwon kaji, mutum 5,000 suna shiga a wata, ana buɗe shafuka 15,000. Gaskiya ya faɗa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ban yarda ba. Talla ba ta neman mai karatu ya zaro ko sisi, kuma da dala ake biya. AdSense, tsarin talla na Google, na ba mai shafi kusan kashi 68 cikin ɗari na abin da mai talla ya biya. Ka manna lambar tallar a shafinka sau ɗaya, kana barci tana aiki. Mutanenmu kuwa sun saba samun karatu kyauta a waya, wa zai sayi PDF?

Hajiya Bilki: Malam Sani, a yi lissafin tukuna. Abin dubawa shi ne RPM, kuɗin da ke shigowa a kan kowace buɗewa dubu. Mu ce dala ɗaya ce, don misali kawai, domin tana hawa tana sauka gwargwadon ƙasar mai karatu da abin da ake rubutu a kai. Buɗewa 15,000 ta ba da dala 15 a wata. AdSense ba ya sakin kuɗi sai sun kai dala 100, ke nan wata bakwai ana jira. Kafin nan ma, da kuɗin sun kai dala 10 za a aiko da PIN ta gidan waya don tabbatar da adireshi, kuma wasiƙar kan daɗe a hanya.

Akwai abin da ya fi wannan. Hausa ba ta cikin harsunan da AdSense ya amince da su, don haka shafin da Hausa zalla ce a cikinsa ana iya ƙin karɓarsa tun daga ƙofa. Sannan mai karantawa da Opera Mini, in ya kunna abin toshe talla da ke cikinta, ya karanta ya tafi ba a ƙirga maka komai ba. Shi ya sa za ka ga adadin baƙi a Analytics, manhajar ƙirga masu shiga shafi, yana da kyau, adadin tallan da aka nuna kuma ya yi ƙasa sosai.

Malam Sani: Batun harshe na karɓa, Hajiya. Amma ai ba Google kaɗai ke da talla ba. Mai sayar da abincin kaji ko 'yan tsaki a Kano zai iya biyan kuɗin wata a ɗora hotonsa a saman shafi. Mutum 5,000 masu kiwo sun fi masa 50,000 masu kallon wasa amfani.

Hajiya Bilki: Wannan kam gaskiya ce, kuma ita ce tallar da ta dace da ƙaramin shafi. Sai dai ka lura ta tashi daga "kana barci tana aiki". Kai za ka nemo shi, kai za ka nuna masa mutum nawa suka taɓa lambarsa ta WhatsApp, kai za ka bi shi bashi a ƙarshen wata. In kuma ya sayar wa masu karatunka tsaki marasa lafiya, sunanka ne ya ɓaci.

Auwal: Ni dai wannan rukunin na biyan kuɗin wata ban amince da shi ba. Irinsa ne ake cewa ka biya ka kawo mutum biyu, daga baya a gudu da kuɗin jama'a.

Injiniya Kabiru: A'a ɗan'uwa, ba shi ake nufi ba. Nan ba a yi wa kowa alkawarin riba, amsar tambaya da farashin kasuwa na mako ake saya, kamar kuɗin makaranta.

Bari in koma kan littafin. A ce an haɗa jadawalin rigakafin Gumboro da Lasota, da takardar Excel da za ka zuba farashin buhun abinci da adadin kaji ta fitar maka da abin da kowace kaza ta ci har ranar sayarwa. A ɗora a shafin sayarwa na Selar ko a karɓi kuɗi ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Farashi naira 2,400. Ba da ka na faɗi wannan adadi ba: Paystack na cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, amma yana yafe ɗarin idan kuɗin bai kai 2,500 ba. Mai sayarwa a 2,400 zai karɓi 2,364, mai sayarwa a 2,500 kuma 2,362 da 'yan kwabbai. Ka ƙara wa mai saye kuɗi, kai ba ka samu ba.

In mutum ɗaya cikin kowane 200 ya saya, mutum 25 ke nan, kusan naira 59,000. Dala 15 ɗin talla, in an canza ta a kan naira 1,500, ta zama 22,500.

Malam Sani: Injiniya, wata na farko ka lissafa. Wanda ya saya yau ba zai sake saya gobe ba, kuma kafin mako ya zagayo PDF ɗin yana yawo a WhatsApp kyauta.

Injiniya Kabiru: Duka biyun suna faruwa. Na farkon ana gane shi tun kafin a fara: a duba kason sababbin baƙi da masu dawowa. In akasarinsu daga binciken Google suke zuwa, kowane wata sababbin fuskoki ne, ciniki zai ci gaba. In kuwa mutanen Facebook ne guda ɗaya suke ta dawowa, wata na uku ciniki zai faɗi warwas. Yawon PDF ba a hana shi gaba ɗaya. Abin da ke rage shi shi ne a buga sunan mai saye a kowane shafi, a kuma riƙa sabunta farashin da ke cikin Excel ɗin ga waɗanda suka biya kaɗai.

Hajiya Bilki: To ai masu dawowar nan da ke kashe cinikin littafi su ne jarin rukunin wata. Amma shi ma yana da rufi, kuma a lissafe yake. A ce naira 1,000 ne a wata, mutum 10 suna shiga kowane wata, ɗaya cikin biyar kuma yana fita. Rukunin zai tsaya a mutum 50, domin a nan masu fita suka kai goma, daidai da masu shiga. Naira 50,000 ke nan, kuma sai an kusa shekara ake kusantarta. Fitar ma ba duk ƙin abin ba ce. Wanda ya biya da kati ana iya sake cira kai tsaye, amma ranar cirar babu kuɗi a asusun. Wanda ya turo ta taransifa kuwa sai ka tuna masa kowane wata. Ga tambayoyi da tsakar dare, kaji suna mutuwa, mutum ya biya yana jiran amsa.

Ga masu kiwon kajin nama ni na fi ganin a karɓi kuɗin wata biyu a dunƙule, tunda daga tsako zuwa sayarwa mako shida zuwa takwas ne. Mutum ya san abin da ya saya da ranar ƙarewarsa.

Injiniya Kabiru: Nan muka rabu, Hajiya. Wannan kwas ne mai wa'adi, ba rukunin wata ba, kuma da littafi ya kamata a fara. Waɗanda suka sayi na 2,400 su ne za ka tallata wa rukunin. In mutum 25 ba su samu ba, 50 masu biya duk wata daga ina za su fito?

Nafisa: Na gode muku. Amma in an saka tallar mai abincin kaji a shafin da ake sayar da jadawalin lissafin abinci, mai karatu ba zai zargi lissafin ba?

Malam Sani: Zai iya, in sunan kamfanin yana cikin takardar. A bar gurbin farashi a buɗe kowa ya zuba nasa, tallar kuma a rubuta mata "talla" a sama.