Me za mu kira "bariyeshan oda" da Hausa?

Sadiya: Salamu alaikum. Ina fassara wa kwamitin makarantarmu takardun ginin azuzuwa, sai na maƙale a kan "bariyeshan oda". Ɗan kwangila ya kawo ta yana neman ƙarin kuɗi, kwamiti kuma suna son jin hujjar kuɗin da Hausa. In rubuta "ƙarin aiki"?

Ɗanlami: Ƙarin kuɗin kwangila kawai. Siminti ya tashi, dole a ƙara mana. Ni haka na yi bara.

Injiniya Habu: A'a Ɗanlami, tashin farashi daban yake, sai in yarjejeniya ta tanade shi. Wannan takarda ce da mai kula da gini ke sa wa hannu cewa a canza abin da aka yi jinga a kai. Kuma Malama, "ƙarin aiki" ya gaza, don wani lokaci rage aiki ake yi, kuɗi ya sauka. Ni "umarnin sauyin aiki" nake cewa.

Sadiya: To Yallaɓai, namu harsashi ne. An zana zurfin mita 1, aka tarar da laka, aka ce a kai mita ɗaya da rabi.

Injiniya Habu: Wannan mai sauƙi ne. A ce tsawon ramin mita 120, faɗinsa 0.6, ƙarin zurfi 0.5, kin ga ƙasar da aka ƙara haƙawa kubik mita 36 ce. Sai ki buɗe takardar farashin da aka sa wa hannu tun farko. In an rubuta haƙa naira 4,000 kowane kubik, kuɗinsa 144,000, ɗan kwangila ba shi da ikon ƙirƙiro sabon farashi tunda aikin iri ɗaya ne. Bulo ma haka: 120 sau 0.5, murabba'in mita 60, wajen bulo 600.

Inda ake rigima shi ne aikin da babu irinsa a takardar, kamar a ci karo da dutse. Nan sai ya warware farashin: hayar injin fasa dutse, man dizal, leburori nawa kwana nawa, sannan ribarsa. In aikin ba ya aunuwa, a biya kuɗin yini, amma da takardar da aka riƙa sa wa hannu kullum.

Hajiya Binta: Ni dai ki tambaya ko an auna ramin an ɗauki hoto kafin a zuba kankare. A gidana da baki na ce a ƙara zurfi, aka binne, har yau muna musun rabin mita ne ko kwata.

Malam Isa: "Umarni" ya yi mini, amma mutanen kwamiti "canji" za su fi ganewa. Shi kuma lissafin, "hujjar farashi" ko "warwarar farashi"?

Sadiya: Na sa "umarnin canjin aiki". Na biyun bari in karanta musu duka ranar Asabar in ji. Hajiya, hoto akwai, amma babu tef a cikin ramin.