Sakamakon awon cikin Innarmu ya fito, don Allah ku taya ni dubawa

Maman Hanifa, Gusau: Salamu alaikum 'yan uwa. Innarmu ce, shekararta 58, ta daɗe tana fama da zafin ƙirji da kumburin ciki, sati ukku da sunka wuce anka zura mata kyamara ta baki har cikin tumbi, anka kuma ɗebi ɗan nama. Yau sunka turo sakamakon a waya, ranar ganin likita kuma sai Laraba. Ga abin da ke ciki:

```
Antral gastritis, multiple small erosions. No ulcer.
Biopsy: chronic active gastritis, H. pylori present.
No metaplasia, dysplasia or malignancy.
```

Mi wanga ke nufi, olsa ce ko wani abu da ya fi ta? Ta kuma jima tana shan maganin ciwon gwiwa na kemis.

Baban Sadik: Subhanallahi, in dai har an yanki nama ai kansa, wato ciwon daji, suke zato, haka anka yi ma kawuna kafin a tura shi Sakkwato. Ku dage da addu'a.

Anti Nas: Haba Baban Sadik, kada ka tada hankalin baiwar Allah, ai layin ƙarshe ya riga ya ba da amsa. Maman Hanifa ki natsu, ni shekara da shekaru ina ɗakin da ake wanga awo, kusan duk wanda anka ga ja ko kumburi a tumbinshi sai an ɗan tsinko nama, kuma ba yanka ba ne, wani ɗan matsefi ne ake zurawa ta cikin bututun a tsinko abin da bai fi ƙwayar dawa ba. Wancan `No` da ke farkon layi na ukku ya hau kan kalmomin nan duka ukku. Ta ƙarshe ita ce kansa, babu. Ta tsakiya canjin da ke iya zama kansa gaba, babu. Ta farko kuma ita ce fatar tumbi ta fara rikiɗa ta yi kama da ta hanji saboda daɗewar ciwo, ita ma ba a gani ba, wanda a shekarun Inna abin a yi hamdala ne.

Layin farko abin da likita ya gani da ido ne. `Antral` wuri ne, ƙasan tumbi kusa da ƙofar da abinci ke fita zuwa hanji, nan fatar ta yi ja ta kumbura. `erosions` kuwa kujewa ce, kamar yaro ya faɗi gwiwarshi ta kuje sama-sama. Olsa ita rami take yi, ta huda fatar ta shiga ƙasa, shi ya sa take iya cin jijiyar jini ko ta ɓula tumbin. Inna ba ta kai nan ba. Kujewa na warkewa ba tabo in an cire abin da ke jawo ta, amma fa tana iya tsattsafar da jini kaɗan-kaɗan har jinin mutum ya yi ƙasa bai sani ba, don haka ki roƙi a auna yawan jininta ran Laraba.

Alhaji na Talatar Mafara: Ni dai a sanina duk olsa ce, sunan ne kawai na likitoci. Ta bar yaji da tsami da zama da yunwa, ta riƙa shan madara da kunun gyaɗa, ta sayi omefrazol mai rage ruwan tsamin ciki, shi ke nan. Ni haka nike yi shekara shidda.

Anti Nas: Alhaji da girmanka, shekara shiddan nan ita ce shaidar ba a kashe tushen ba. Barin yaji na rage raɗaɗi gaskiya ne, madara kuma ta kan sanyaya na ɗan lokaci sannan ruwan tsamin ciki ya dawo. Amma ba yaji ya kuje tumbin Inna ba. Abu biyu nike gani a nan. Na ɗaya ƙwayar cutar da anka rubuta a layi na biyu, `H. pylori`, tana zama cikin majinar da ta lulluɓe tumbi, galibi tun mutum na yaro yake ɗaukarta a gida. `chronic` na nufin an daɗe ana abin, `active` kuma har yanzu jiki na faɗa da ita a wurin, ba wai ciwon ya yi tsanani ba. Omefrazol shi kaɗai ba ya kashe ta. Haɗi ake badawa na kwana 14, maganin rage tsami safe da yamma tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, sau da yawa amoksisilin da kilaritromaisin, wani likitan kuma ya zaɓi haɗin guda huɗu mai bismut saboda ƙwayar ta fara jure ma kilaritromaisin. Kada ki sayo da kanki, kuma in Inna ta taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan fenisilin ki faɗa ma likita, don amoksisilin danginshi ne.

Na biyu shi ne maganin gwiwan nan, kuma shi ya fi damuna. Maman Hanifa mi sunanshi?

Maman Hanifa: Anti wallahi ƙullin leda ne ake haɗo mata, na duba akwai dikulofenak, akwai wani ja da ban sani ba, kullum bayan asuba take sha ko kari ba ta yi ba.

Anti Nas: To ga ɓarawon nan. Dikulofenak da ibufurofen da firoksikam da asfirin duk dangi ɗaya ne, suna hana tumbi yin majinar da ke kare shi, ga ƙwayar cuta ga su kuma, haɗarin zubar jini ƙaruwa yake. Ta aje ledar yau ba sai Laraba ba, ta sha farasitamol kafin nan, ki tafi ma likita da ledar ya ga jan nan da idonshi. Sai dai in akwai ƙaramin asfirin da likita ya ɗora ta a kai don zuciya, wannan kada ta yanke sai an tambaya.

Ummu Yasir: Ni na sha haɗin nan bara, bakina ɗaci kamar na tsotsi tsohon kwabo ga gudawa, kwana 6 na aje don na ji sauƙi, bayan wata biyu ciwo ya dawo sabo anka canza mini wani haɗin da ya fi wuya. Na biyun na shanye tas. Amma abin haushi na je na yi gwajin jini watan jiya wai har yanzu akwai ta, kuɗina dai sun tafi a banza ke nan.

Anti Nas: Ba lallai ba ne Ummu Yasir, gwajin jini tambarin da ƙwayar ta bari yake gani, yana iya nuna akwai ko bayan ta mutu da daɗewa. Na bayan gida ko na numfashi ake yi don a tabbatar, aƙalla sati 4 bayan gama maganin kashe ƙwayar, kuma a bar omefrazol sati 2 kafin gwajin, in ba haka ba sai ya ce babu alhali tana nan kwance.

Maman Hanifa, kafin Laraba in kin ga bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta yana wari, ko ta yi aman jini ko mai kama da garin kofi, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne. Bismut da ƙwayar ƙarin jini su ma suna baƙanta bayan gida, amma yanzu ba ta shan ko ɗaya, don haka ba uzuri.

Baban Sadik: Allah ya ba da haƙuri, ban karanta layin ƙarshe ba. To su da ke ci kwano ɗaya da Inna fa, duk sai an gwada su?

Anti Nas: Nan likitoci ma sun rabu, wasu na gwada manyan gidan duka, wasu sai mai jin ciwo ko wanda anka taɓa yin kansar tumbi a danginshi. Ki tambaye shi ran Laraba.

Maman Hanifa: Na gode Anti, Allah ya saka. Na ɓoye ledar a ɗakina, yanzu haka Inna na tsakar gida tana faɗa wai da mi za ta yi ruku'u gobe.