Hajiyarmu mai ciwon suga za ta sauke farali, yaya za mu shirya mata magani?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata za ta tafi Hajji bana tare da alhazan Filato, tana allurar insulin, tana kuma shan maganin hawan jini. Ba ta karatun boko. Yaya za mu haɗa mata magunguna da takardu?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a je lafiya. Kada insulin ya shiga babbar jaka, don sanyin ƙasan jirgi na iya daskarar da shi, kuma wanda ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke. Jakar hannu za a sa shi, haɗe da takardar likita mai hatimi, da Turanci, wadda ta faɗi ciwon da asalin sunan kowane magani da adadin da take sha. Asalin suna nake nufi, kamar amlodipine, domin sunan kamfanin da muka saba da shi a Jos ba lallai a san shi a kantin Makka ba. Ki saya mata na wata biyu, jirgin dawowa kan yi jinkiri, a bar su cikin kwalayensu.

Baban Walid: Ai hukumar alhazai na da asibiti a can, magani kyauta. Kada ki wahalar da tsohuwa da kaya.

Anti Nas: Akwai asibitin, Alhaji, amma ranar Arfa wa zai kai ta? Daga 8 ga Zulhajji an bar masauki, sai 12 ko 13 a dawo daga Mina, da 'yar jaka kawai. Maganin waɗannan kwanakin a ware shi daban tun daga gida. Ga zafi, wanda mu mutanen Jos ba mu saba da shi ba. Kwalbar da aka buɗe tana kai kwana 28 in zafin bai wuce digiri 30 ba, can kuwa ana haura 40. Ki nemo jakar sanyaya insulin, amma kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara. In irin garai-garai ɗin nan ne ya yi dishi-dishi ko gudaji, a yar.

Hajiya Iya: 'Yata, ki sa mata dabino da alawa a jakar wuya. Wata a tantinmu ta yi allura, abinci ya makara, sai rawar jiki da gumi, muna ta tofa mata addu'a ashe suga ne ya sauka. Ki kuma haɗa ta da mace ɗaya a ɗakinsu wadda ta san halin da take ciki. Safar ƙafa kuma kada ta cire, mace ai ya halatta mata, mai suga ba ya jin ƙunar ƙafa da wuri.

Abba Rikkos: Rigakafin sanƙarau a yi shi aƙalla kwana 10 kafin isa. Ki ɗauki hoton fasfo da biza da katin rigakafi a wayarki da tata. Kuma ban da goro!

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, to lokacin allurar fa, tunda Saudiyya ta riga mu da awa 2?

Anti Nas: Wannan kam sai likitanta, ya danganta da irin insulin ɗin. Ki tafi masa da kwalbar.