Neman shawara: in wuce darasi na gaba ko in tsaya wa waɗanda suka faɗi?

Malamar aji huɗu: Assalamu alaikum. Na yi mako biyu ina koyar da ɗebewa mai aro, na ba da gwaji mai tambaya goma, amma cikin yara 58 guda 21 kawai suka ci takwas ko fiye. Na ji ana maganar koyarwar da ba a wucewa sai yara sun ƙware. Yaya ake yin ta ba tare da manhaja ta bar ni a baya ba?

Malamin kwalejin horar da malamai: Wa alaikumus salam, Malama. Tsarin ya fito ne daga Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago a 1968, wanda ya ɗora a kan ra'ayin John Carroll na 1963 cewa abin da ya fi bambanta yara shi ne tsawon lokacin da kowanne yake buƙata kafin ya gane. Saboda haka kada ki rubuta makin nan a rajista tukuna, ki ɗauko takardun yara 37 ɗin ki duba irin amsar da kowa ya bayar.

Ɗauki 402 − 178, wadda amsarta 224 ce. Yaron da ya rubuta 376 bai san aro ba sam, domin a kowane gida yana cire ƙaramar lamba daga babba ne: 2 daga 8, sifiri daga 7, 1 daga 4. Wanda ya rubuta 324 kuwa ya yi aro daidai har ya mai da sifiri 9, sai dai ya manta bai rage 4 ɗin ɗaruruwa ta koma 3 ba. Maki ɗaya suka rasa, amma ciwonsu daban ne. Na farko ki ba shi tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma, ki ce ya cire takwas daga 42, ya ga da idonsa cewa sai ya kwance ɗauri ɗaya, sannan gommansa sun koma uku. Na biyu misali uku ko huɗu masu sifiri a tsakiya sun ishe shi, yana yi yana faɗar abin da yake yi da baki. Bayan darasi biyu na gyara, ki sake gwaji da sababbin lambobi masu wahala iri ɗaya, kuma makin gwaji na biyun ne za ki rubuta.

Wani mahaifi: Ai wannan ba sabon abu ba ne. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo a yi masa ƙari sai ya biya karatunsa daidai. Ki maimaita darasin ga ajin duka har ya zauna musu.

Malamin kwalejin horar da malamai: Gaskiyarka, Alhaji, a batun ƙin yin ƙari kafin karatu ya zauna. Inda na saɓa maka shi ne maimaitawar, domin hadda tana zama da nanatawa, amma yaron da bai gane bayanin aro a kan allon aji ba, da wuya ya gane shi idan aka sake faɗa masa da kalmomin jiya. Dole gyara ya zo ta wata hanya dabam. Sannan yara 21 da suka riga suka iya za su gaji su fara surutu.

Malamar aji biyar: Nan ne na sha wahala bara. Na sa waɗanda suka ci su koya wa sauran, sai na tarar suna faɗa musu amsa ne kawai, gwaji na biyu ya yi kyau, amma bayan wata guda kuskuren ya dawo a raba lambobi. Yanzu rabinsu nake ba wa tambayoyin ciniki su ƙirƙiro nasu, masu taimako kuma na hana su riƙe fensir, tambaya kawai suke yi: "Daga ina ka aro?"

Tsohon hedimasta: 'Yata, ki yi, amma ki san iyakarsa. Bloom ya yi hasashen cewa kusan tara cikin goma za su iya kaiwa matakin ƙwarewa, sai dai Robert Slavin da ya bi binciken a 1987 ya ga ribar ta fi fitowa a gwajin da aka tsara daidai da darasin, ta yi ƙaranci ƙwarai a jarrabawar gama-gari. Lokacin gyaran kuma daga wani darasi ake yanko shi. Ni da zan zaɓa, sai in tsaya a kan abin da ake gini a kansa, kamar aro da jadawalin sau, in wuce da sauri a sauran. Za ki kuma samu biyar ko shida da za su sake faɗuwa, kuma yawancinsu matsalarsu tun daga sanin matsayin lamba ne na aji biyu.

Malamar aji huɗu: Na gode, Baba. Na duba takardun yanzu, 19 irin kuskuren 376 suka yi, 11 irin na 324, bakwai kuma ban gane abin da suka yi ba. Waɗannan bakwai ɗin, idan sun sake faɗuwa ranar Alhamis, in riƙe ajin saboda su, ko in wuce in riƙa zama da su lokacin tara?