Bakina na ɗaci duk safiya, tsami ne ko maɗaci?

Jama'a, ku taimaka mini. Wata biyu ke nan ina tashi da ɗaci a baki, maƙogwaro a bushe, murya a dishe. Likita ya ce idan na kwanta, bakin tumbi kan saki, sai tsamin ciki ya tsiyayo har maƙogwaro. Ina shan omefirazol kafin karin kumallo, na ɗaga kan gado, ba na kwanciya sai awa 3 bayan abincin dare. Ƙunar ƙirji ta tafi, ɗacin dai yana nan.

Abin da ya ɗaure mini kai: omefirazol ɗin tsamin ciki yake ragewa, ba ruwansa da maɗaci. Shin ruwan maɗaci ne ke dawowa daga hanji zuwa tumbi, ya hauro? Wane gwaji ke bambance su?