Matakai uku na haja: na biyu da na uku sun rikita ni

Rabi: Salamu alaikum. Ina shekarar farko a jami'a nan Damagaram, Litinin muna da jarrabawa a kan matakai uku na haja. Na biyu da na uku sun cakuɗe mini. Wa zai warware mini da misalin gida?

Isufu: Mai sauƙi ne. Akwai mai kyau, akwai mai bi masa, akwai jabu. Je ki Kasuwar Dole ki tambayi cajar waya, ukun za a zube miki.

Mariyama: Isufu, kar ka kayar da yarinya! Wannan darajar kaya ce. Abin da Kotler, masanin ilimin kasuwanci, ya tsara, haja guda ce ake duba ta hawa uku.

Ƙanwata, ɗauki babur. Ɗan kabu-kabu ba ƙarfe ya je saye ba, abin da zai ci da gidansa yake nema. Wannan ne matakin farko, amfanin da ya fito da mutum daga gida. Ma'aikaci kuwa, babur ɗin nan dai, isa ofis kan lokaci yake saye. Don haka a takardarki ki fara faɗin wane ne mai sayen.

Na biyu shi ne babur ɗin kansa: sunan kamfanin, ƙarfin inji, fasali, launi, inganci. Na uku kuma abin da mai shago ya ɗora a kai. Shago biyu na iya sayar da babur iri ɗaya, amma ɗaya ya haɗa maka shi, ya ba ka garanti, ya yarda ka biya kaɗan-kaɗan, in ya lalace akwai makanikinsa. Ɗayan kuwa da ka biya, shi ke nan. Ki tambayi kanki: in an cire abin nan, babur ɗin ya canza? In bai canza ba, na uku ne.

Lawali: Haka ne. Ki sa kwali da leda a na uku, tunda yar da su ake yi.

Mariyama: A'a malam Lawali, nan ɗalibai ke zubar da maki. Mazubi na mataki na biyu ne, tare da sunan kamfani. Ruwan leda ba leda, me za ka miƙa wa mutum?

Sani: To Yaya Mariyama, ni fa? Mai ga-ruwa ke kawo mana ruwa har gida, mu biya ƙarshen wata. Bashin na uku ne, na yarda. Amma kawowar? Da famfonmu na zuwa ai ba zan neme shi ba.

Mariyama: A littafi, kai kaya gida na uku ne. Naka kam da magana, don ɗaukar ce sana'arsa, ruwan ba shi ya yi ba. Rabi, kar ki kai wannan misali jarrabawa, tsaya kan babur.

Sani: Ni dai har yanzu na farko nake ganinta.