Yarona yana gane karatu in an faɗa masa, amma ba ya iya kwafar allo: me zan roƙi makaranta?

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare. In malami ya yi bayani da baki yana riƙewa, amma rubutun allo ba ya gamawa kafin a goge, jarrabawa kuma lokaci yake ƙare masa da saura tambayoyi biyu ko uku. Wata malama ta ce mini kamar disleksiya ce, wato larurar da ke sa karatu da rubutu su yi wa yaro wuya. Zan ga shugaban makaranta ranar Litinin. Me zan roƙa takamaimai?

Malama Mai Ilimi na Musamman: Wa alaikumus salam Maman Abba. Kafin Litinin ki samu abin da za ki ajiye a teburin shugaba, domin in kika ce "a taimaka masa" kawai, za a ce miki in sha Allahu, magana ta mutu a nan. Awo uku za ki yi a gida, agogon waya da biro sun isa.

Ki ɗauko littafinsa na aji, ki ƙirga kalma 200 a darasin da ba su kai ba. Ya karanta a bayyane, ki duba mintin da ya ɗauka, ki yi ɗigo a kan duk kalmar da ya tsallake ko ya canza. Sai ki rufe littafin ki yi masa tambaya biyar. Bayan ya huta, ke ki karanta masa wani wuri mai irin tsawon, ki sake tambaya biyar. Na ukun, ki jingina littafin nesa da shi kamar allo, ya kwafa na minti goma, ki ƙirga kalmomin. In akwai ɗan ajinsu a unguwa, shi ma ya yi, don a samu abin kwatance.

A ce ya ɗauki minti huɗu da kuskure 15, abokinsa minti ɗaya da rabi da kuskure biyu. Da ya karanta da kansa ya ci tambaya biyu, da kika karanta masa ya ci biyar. Wannan tazarar tsakanin biyu da biyar ita ce hujjarki. Tana nuna ilimin yana shiga, ƙofar karatu ce ta yi masa ƙunci. Mai disleksiya yana ƙarar da ƙarfinsa wajen haɗa harafi da sautinsa, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya zube. Shi ya sa kwafar allo take fi masa wuya: ɗan ajinsu yana ɗauko kalma huɗu a kallo ɗaya, shi kuwa harafi biyu ko uku yake ɗaukowa, ya sunkuya, ya ɗago ya nemi inda ya tsaya.

Awon nan ba shi ne tabbatar da disleksiya ba, wannan aikin ƙwararre ne. Amma ya isa a fara magana da shi.

Baba Alhaji: Hajiya ki kai shi asibitin ido a yanka masa tabarau. Yaran nan da yawa ba sa ganin allo ne, su kuma ba sa faɗa. Na ji ma ana cewa takarda mai launin ruwan ƙwai tana hana haruffa rawa.

Anti Nas: Baba ya yi gaskiya a rabin farko. A gwada ido, a gwada ji kuma, shi ne matakin da ya fi araha, kuma duk wanda zai auna shi daga baya sai ya tambaya ko an yi. Sai dai disleksiya ba ciwon ido ba ce, a sarrafa sautin magana matsalar take, don haka tabarau ba ya warkar da ita. Yadda za ki bambance: in ido ne, da an matso da shi gaban allo ko an ba shi littafi a hannu sai karatu ya miƙe. In littafin yana hannunsa yana ganin komai sarai amma har yanzu yana tuntuɓe, ba idon ba ne. Takarda mai launi wasu yara suna jin daɗinta, babu laifi, amma ba magani ba ce, kada ki kashe kuɗi a kanta.

Malama Mai Ilimi na Musamman: To ga abin roƙon. Kada ya wuce uku ko huɗu a zaman farko, kuma ki zaɓi waɗanda ba sa cin kuɗin makaranta.

Wanda ya fi kowanne shi ne a sauke masa kwafar allo. Yawancin makarantu sun hana ɗalibai waya, saboda haka kada ki fara da "a bar shi ya ɗauki hoton allo", za a ƙi. Ki ce a zaɓi ɗalibi ɗaya mai kyan rubutu, duk Juma'a ki biya a yi fotokwafin littafinsa, ko malamin aji ya ɗauki hoton ya turo miki. Abba ya manna a nasa littafin. A cikin aji aikinsa ya saurara, ya rubuta kan darasi da kalmomi biyar ko shida masu muhimmanci, don kada ya zauna hannu sake hankalinsa ya tafi. Inda wannan shirin yake lalacewa shi ne ranar duba littafi. Malamai da yawa suna ba da maki a kan cikar rubutun darasi, wasu har da bulala. Dole a rubuta cewa littafin da aka manna wa fotokwafi karɓaɓɓe ne, in ba haka ba malamin da bai ji labari ba zai hukunta shi a kan abin da shugaba ya yarda da shi.

Sai ƙarin lokaci a jarrabawa. Ki faɗi adadi. Abin da aka saba farawa da shi shi ne kashi ɗaya cikin huɗu: minti 15 a kan kowace awa, wato takardar awa biyu ta zama awa biyu da rabi. Ki kuma roƙa kada a tashe shi karatu a bayyane ba shiri. In dole ne, a nuna masa sakin layin tun jiya ya gwada a gida.

Jami'in Jarrabawa: Malama ta faɗi adadi, bari in faɗi inda ake samun cikas. Ranar jarrabawa takarda tana bin takarda. In aka bar shi a zaure ya yi minti 30 ɗinsa bayan kowa ya tashi, zai yi su ne cikin jan kujeru da hayaniya, mai sa ido yana tsaye a kansa yana jiran takarda. Wannan ba ƙarin lokaci ba ne. A roƙa ya zauna a ɗakin karatu ko ofishin malamai, ya fara rabin awa kafin sauran, ba ya fita har su fara, sai su gama tare. Ta haka ba a ce tambayoyi sun fita ba.

Takardar tambayar ma a duba. In ana bugawa da kwamfuta, tasa a yi ta da salon rubutu na Arial mai girma 14, tazarar layi 1.5, a fuska ɗaya ta takarda. Fotokwafin da ya dusashe, ko tambayoyin da ake rubutawa a allo, su ne suke cinye masa lokacin. In za a ba shi mai karanta masa tambaya, ƙa'idarsa ya karanta abin da ke rubuce kalma da kalma, ya maimaita in an nema, ba ya fassarawa, ba ya bayani. A takardar Turanci inda karatun kansa ake gwadawa, ba a karanta masa nassin.

Hajiya, duk abin da aka amince a rubuta shi a takarda ɗaya da kwanan wata, shugaba ya sa hannu, a ba kowane malami kwafi, ɗaya a fayil ɗinsa. Dalili: makaranta ce take yi wa ɗalibi rajistar WAEC da NECO, kuma a lokacin rajista ake bayyana mai buƙata ta musamman, ba ranar jarrabawa ba. Yaron da yake da rahoton ƙwararre da tarihin shekara biyu yana samun wannan sauƙin a makarantarsa ya fi ƙarfin hujja a kan wanda ya taso da maganar ana saura wata ɗaya. JAMB ma tana da kwamitin da ta kafa a 2017 don masu buƙata ta musamman, a wurin rajista ake nuna hakan.

Yaya Babba: Ni fa ina ganin ku nema masa malamin lesin na yamma kawai, ko ya maimaita aji. Duk wannan gatan ranar da ya shiga jami'a wa zai yi masa?

Malama Mai Ilimi na Musamman: Yaya, maimaita aji da irin koyarwar da ta gaza a bara ba ya canza komai sai shekarunsa. Lesin yana da amfani in mai koyarwar zai koma kan sauti da harafi da gaɓar kalma a tsare, minti 20 zuwa 30 kullum, ba ya sake maimaita darasin aji na awa biyu ga yaron da ya riga ya gaji ba. Sauƙin da ake nema kuwa ba ya rage tambaya ko ɗaya, ba ya ƙara maki.

Maman Abba, wani abu da zai iya rikita shugaban: yana iya cewa ai yaron yana karanta Hausa daidai. Haka ne sau da yawa, domin rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, Turanci kuwa harafi ɗaya yana da sauti iri-iri. A Hausa alamar takan fito a jinkiri, ba a yawan kuskure ba. Ki auna lokacinsa a Hausar ma.

Anti Nas: A lura da wannan kuma. In awon ya nuna yana karatu da sauri daidai, amma a jarrabawa yana tsallake shafi, yana mantawa da tambayar baya, yana leƙen taga, to ta fi kama da matsalar tattara hankali, kuma sau da yawa biyun suna haɗuwa a yaro ɗaya. Irin wannan yaron, ƙarin lokaci zalla bai cika yi masa amfani ba, zaman ne zai ƙara tsawo. Abin da ya fi masa shi ne hutun minti biyar bayan kowane rabin awa da agogo a tsaye, kujerar gaba nesa da ƙofa da taga, da mai sa ido da zai ɗan ƙwanƙwasa teburinsa in ya ga ya tafi. Don rahoto, ki nemi likitan yara ko masanin halayyar ɗan Adam a asibitin koyarwa mafi kusa. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen ilimi na musamman, za ki iya tambaya a can.

Maman Abba: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. In shugaban ya ce sauran iyaye za su yi ƙorafi fa? Kuma makin da ake yanke masa saboda kuskuren haruffa?

Jami'in Jarrabawa: Ki ce a gwada zango ɗaya, a zauna bayan sakamako a duba. Shugabanni sun fi saurin yarda da gwaji a kan alkawarin dindindin. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma ki bar ta a jaka sai in an ƙi sauraronki. Batun haruffa, a Bayoloji ko Tarihi ana iya ba shi makinsa in an gane abin da yake nufi. A Turanci ni ban goyi baya ba, gara ya san matsayinsa tun yanzu, don mai makin WAEC ba zai ɗaga masa ƙafa ba.

Malama Mai Ilimi na Musamman: A nan mun saɓa, Malam. Takardar da ta dawo jawur da jan biro ba ta koya masa komai. A aikin aji a ja layi ƙarƙashin kalma biyar kawai, waɗanda ya fi yawan amfani da su, ya gyara su a makon. Makin jarrabawar zango kuma ku je ku ji ta bakin malamin Turancin.